Yadda Za Ka Ɗebe wa Ɗan Uwanka Kewar Gida a Makonninsa na Farko a Jami'a

Ɗalibin da ya samu gurbin karatu a jami'ar wani gari yakan shafe kwanakinsa na farko cikin hidimar rajista da neman ɗakin kwana da gano inda ake yin lacca, har ba ya samun sukunin tunanin gida. Sai hidimar ta lafa, waɗanda suka raka shi sun koma, ya sami kansa da yamma a ɗaki tare da mutanen da bai san halinsu ba, sannan kewa take sauko masa. A daidai wannan lokaci ne ɗan baffanka ko ɗan gwaggonka zai fara kiranka fiye da yadda ya saba, ko kuma ya yi tsit gaba ɗaya, kuma dukan biyun suna iya zama alamar abu guda.

Kana da wani matsayi a wurinsa wanda iyayensa ba su da shi. Ba zai so ya gaya wa mahaifiyarsa cewa yana kwana ido biyu ba, don kada hankalinta ya tashi. Ba zai so mahaifinsa ya ji cewa yana tunanin dawowa ba, don ya san irin ɗawainiyar da aka yi kafin ya kai inda yake. Amma kai ɗan gida ne, ka san mutanen da yake kewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ka da ikon yanke masa hukunci, saboda haka bakinsa ya fi saurin buɗewa a gabanka. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne manufar aikin. Ba za ka iya kai masa gida inda yake ba, kuma idan ka yi ƙoƙarin zame masa gida ta waya, za ka jinkirta masa sabo da sabon wurin. Aikinka shi ne ka riƙe hannunsa har ƙafarsa ta kafu a can. Na yi maganar a kan ɗan uwa namiji domin sauƙin bayani, amma matakan ba su canja ba idan 'yar uwa ce.

Mataki na farko: ka gano abin da ke damunsa kafin ka fara lallashi

Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawar ba da haƙuri. Da zarar yaro ya ce, "Yaya, ni fa wurin nan ya ishe ni," sai a tare shi da cewa ya daure, kowa da haka ya fara. Maganar gaskiya ce, amma tana rufe masa baki tun kafin a san ciwon. A kiran farko ka ware aƙalla rabin awa, ka sami wuri marar hayaniya, ka ƙudurta cewa shi zai fi ka yawan magana.

Kada ka tambaye shi, "Kana lafiya?" domin amsarta a shirye take, kuma ba ta gaya maka komai. Ka yi tambayoyin da ba a amsa su da kalma ɗaya. Ka ce ya ba ka labarin yadda jiya ta kasance tun daga farkawarsa har kwanciyarsa. Ka tambaye shi da wa ya ci abinci, wa ya zauna kusa da shi a lacca, wane lokaci ne a yini abin ya fi yi masa nauyi. Daga amsoshin nan za ka gane wane irin abu ne a gabanka, domin abin da ake kira kewar gida ba iri ɗaya ba ne. Wani mutanensa yake bege, ya saba da muryar ƙannensa da hirar dare, kuma yana tsoron cewa rayuwar gidan tana tafiya babu shi. Wani kuma ba mutane ne suka fi damunsa ba, rashin sanin kan wuri ne: bai san hanya ba, bai san wanda ake tambaya ba, duk abin da a da yake yi ba tare da tunani ba yanzu sai ya yi ta lissafi, kuma wannan yana gajiyar da mutum ƙwarai. Wani kuwa kaɗaici ne zalla, yana cikin ɗaruruwan ɗalibai amma babu ko mutum ɗaya da ya san sunansa.

Akwai kuma matsalolin da suke ɓuya a bayan kewa, kuma waɗannan su ne ya kamata ka fi kasa wa kunne. Kuɗin da aka ba shi yana iya ƙarewa tun kafin lokaci, ya ji kunyar faɗa. Abokin ɗakinsa yana iya takura masa, ko wasu tsofaffin ɗalibai su sa shi a gaba. Yana iya shiga lacca ya fito bai fahimci komai ba, alhali a sakandare shi ne na gaba a aji, sai ya fara zargin cewa bai cancanci wurin ba. Ɗalibin da yake cikin irin wannan hali zai ce maka yana kewar gida, domin ita ce maganar da ta fi sauƙin furtawa, amma hira da lallashi ba za su warkar da shi ba sai an taɓa ainihin matsalar. Ka tambaye shi kai tsaye, cikin natsuwa, game da kuɗi da ɗaki da karatu, ɗaya bayan ɗaya.

Idan ya gama, ka maimaita masa abin da ka fahimta da kalmominka, misali ka ce, "Ashe dai da rana babu laifi, daga faɗuwar rana ne abin yake taso maka." Idan ka yi daidai, zai ji cewa an fahimce shi, wanda shi kansa rabin sauƙi ne. Idan ka yi kuskure, zai gyara maka, ka ƙara sanin inda matsalar take.

Mataki na biyu: ka cire masa kunyar abin

Matasa da yawa, musamman maza, suna ɗaukar kewar gida a matsayin rauni ko yarinta, kuma kunyar da suke ji tana ƙara wa abin nauyi. Yana ganin abokan karatunsa suna dariya a hanya, yana ganin hotunan tsofaffin abokansa a waya kowa cikin fara'a, sai ya yanke cewa shi kaɗai ne ya kasa. Ka gaya masa a fili cewa cikin waɗanda yake gani suna dariyar akwai da yawa da suke kwana da irin abin da yake kwana da shi, kowa yana ɓoye wa ɗan uwansa. Abin tsoho ne, ba na zamaninsa ba ne kawai. Tun a shekarar 1688 wani ɗalibin likitanci mai suna Johannes Hofer ya rubuta kundi a kan ciwon begen gida a birnin Basel na ƙasar Siwizalan, kuma cikin misalan da ya kawo akwai wani saurayi da ya baro garinsu Bern domin karatu, kewa ta kwantar da shi.

A nan akwai kalaman da ya kamata ka guje wa ko da da kyakkyawar niyya ka faɗe su. Kada ka tuna masa cewa mutane da yawa suna neman gurbin da ya samu ba su samu ba, domin ya riga ya sani, kuma tunin zai ƙara masa jin laifi ne a kan kewar. Kada ka kwatanta shi da wani ɗan dangi da ya tafi ƙasar da ta fi nisa bai yi ƙorafi ba. Kada kuma ka mayar da abin wasa a zauren dangi na waya, ko da kuna da wasa a tsakaninku, domin da zarar ya ga an yi dariya da sirrinsa sau ɗaya, ba zai sake kawo maka shi ba.

Mataki na uku: ka sa wa kira lokaci da iyaka

Wannan shi ne matakin da zai fi yi maka wuya, domin zuciyarka za ta ce ka ɗauki wayarsa duk lokacin da ya kira, ko sau biyar ne a yini. A kwanaki biyu ko uku na farko, idan abin ya yi tsanani, babu laifi. Amma idan ya zama ɗabi'a, illarsa tana bayyana. Duk awar da ya shafe kunnensa a waya yana hira da mutanen gida, awa ce da bai zauna da abokan ɗakinsa ba, kuma su ma idan suka ga kullum yana kan waya sai su daina gayyatarsa. Ƙari a kan haka, kiran da ake yi duk lokacin da kewa ta motsa yana koya wa zuciya cewa ba za ta iya jure motsin ba sai da kira.

Abin da ya fi amfani shi ne ku yi yarjejeniya a kan ranaku da lokaci, misali sau uku a mako na minti ashirin zuwa talatin, kuma ka sa kiran daf da lokacin da ya gaya maka ya fi yi masa nauyi. Sanin cewa gobe da ƙarfe takwas Yaya zai kira yana rage fargaba fiye da kira goma na ba-zata, domin ya ba shi abin jira tabbatacce a cikin makon da komai nasa sabo ne. Sharaɗin wannan tsari shi ne ka cika alkawari. Idan uzuri ya taso maka, ka aika masa saƙo tun kafin lokacin, ka faɗi sabon lokaci. A ranakun da babu kira, gajeren saƙon murya ya wadatar. Ka kuma bayyana masa cewa tsarin bai shafi gaggawa ba: idan wani abu ya same shi, ya kira ko da tsakar dare ne.

Yadda kake tafiyar da hirar ma yana da muhimmanci. Ka ba shi labarin gida, domin akwai karin maganar da ke cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma wannan shi ne ainihin tsoron da yake ji. Ka gaya masa ƙananan abubuwan yau da kullum, wa ya yi kaza, wa ya tambaye shi. Sai dai kada ka riƙa zuzuta masa daɗin taron da bai halarta ba, kuma kada ka ce masa gidan ya yi shiru tun da ya tafi ko mahaifiyarsa tana ta kuka, domin hakan yana ɗora masa alhakin baƙin cikin wasu. Ka raba hirar kashi uku: ya fara da abin da ke damunsa, ka ba shi labarin gida a taƙaice, sannan kaso mafi tsawo ya tafi a kan sabon wurin. Ka tambayi sunayen mutanen da ya ambata, ka riƙe su, ka sake tambayarsa labarinsu a kira na gaba. Idan ya ga ka ɗauki mutanen can da muhimmanci, shi ma zai fara kallonsu a matsayin wani ɓangare na rayuwarsa.

Mataki na huɗu: ka taimaka masa ya kafa ƙafa a can

Abin da ke kawar da kewa na dindindin abu biyu ne, wato sabo da wuri da samun mutane, kuma dukansu suna bukatar maimaici fiye da ƙwazo. Shawarar da aka saba bayarwa, cewa ya fita ya yi abokai, ba ta da amfani ga wanda yake jin kansa baƙo, domin ba ta gaya masa inda zai fara ba.

Ka fara da saita masa tsammani. Wani malamin Jami'ar Kansas ta ƙasar Amurka mai suna Jeffrey Hall ya wallafa bincike a shekarar 2018 a kan tsawon lokacin da abota take ɗauka, kuma cikin waɗanda ya bibiya akwai sababbin ɗaliban jami'a. Ya gano cewa ana bukatar kimanin awa 50 tare kafin wanda aka sani sama-sama ya zama abokin hira, kimanin awa 90 kafin ya zama aboki, sannan fiye da awa 200 kafin ya zama amini. Amfanin wannan lissafi ga ɗan uwanka a bayyane yake. Yana auna mutanen da ya sani kwana goma da abokan da ya shafe shekaru tare da su, sai ya ga babu wanda ya kai, ya ce mutanen garin ba su da kirki. Ka nuna masa cewa awannin ne ba su taru ba tukuna, kuma wanda yake zama da mutum awa ɗaya a rana zai kusa cika awa 50 a cikin mako bakwai.

Sai kuma tambayar inda awannin za su fito. Tun a shekarar 1950 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Leon Festinger da abokan aikinsa suka wallafa nazarin da suka yi a kan gidajen ɗalibai a jami'ar MIT ta ƙasar Amurka, inda suka ga cewa mafi yawan abota tana ƙulluwa ne tsakanin maƙwabta na kusa, har waɗanda ɗakunansu suke bakin matakala sun fi samun abokai daga wani hawa, saboda kawai ana yawan wucewa ta gabansu. Ma'anar wannan a aikace ita ce, ba sai ɗan uwanka ya zama mai surutu ba. Abin da yake bukata shi ne ya riƙa bayyana a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, har fuskarsa ta zama sananniya. Ya zauna a layi ɗaya a ɗakin lacca kullum, ya ci abinci a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, ya zaɓi kusurwa ɗaya a laburare, ya halarci wurin ibada ko filin wasa ko ƙungiyar ɗalibai guda ɗaya da take haɗuwa kowane mako. Taro babba na rana ɗaya ba ya haifar da abin da zaman mako-mako yake haifarwa.

A ƙarshen kowane kira ku tsayar da aiki ɗaya tak, ƙarami, wanda za a iya cewa an yi ko ba a yi ba. Ya fi kyau shi ya zaɓa daga cikin biyu da ka kawo, domin wanda ya ji komai ya kuɓuce daga hannunsa yana bukatar ya ga akwai abin da shi yake yanke wa hukunci. A kira na gaba ka tambaya ba tare da tuhuma ba. Idan bai yi ba, kada ka yi faɗa, ka rage girman aikin.

Kada ka manta da jiki. Kewa tana ƙaruwa ga wanda ba ya barci kuma ba ya cin abinci a kan lokaci, kuma matashi a shekarunsa yana bukatar barcin awa bakwai zuwa tara. Idan yana kwana yana duba hotunan gida har ƙarfe biyu na dare, sannan ya makara laccar safe, to ya rasa barci kuma ya rasa zaman da zai haɗa shi da mutane. Ka roƙe shi ya tsayar da lokacin tashi ɗaya, ya fita daga ɗaki kowace rana ko da babu lacca, ya yi tafiyar ƙafa ta minti ashirin ko talatin, wadda za ta motsa masa jiki kuma ta sanar da shi hanyoyin wurin.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka cewa ƙaninka, ɗan baffanka, ya kira ka a kwana na goma da tafiyarsa ya ce, "Yaya, ina ganin zan dawo, in sake nema a kusa da gida baɗi." Ba ka ce masa e ba, ba ka ce a'a ba, sai ka nemi labarin yininsa. Daga nan ka gano cewa yana zuwa lacca, amma yana zama a can baya ya fice da zarar an tashi, yana sayen abinci ya kai ɗaki ya ci shi kaɗai, abokan ɗakinsa biyu sun san juna tun daga sakandare suna hirarsu ba tare da shi ba, kuma daga yamma zuwa tsakar dare yana kan waya. Ka tambayi kuɗi ya ce suna nan, ka tambayi karatu ya ce yana ganewa in ban da darasi ɗaya. Wannan kaɗaici ne, kuma lokacinsa yamma ce.

Kun tsayar da kira ranakun Litinin da Laraba da Asabar da ƙarfe takwas na dare. Game da maganar dawowa ka ce masa, "Na ji, kuma ban raina maganarka ba. Amma kada mu yanke hukunci da dare cikin baƙin ciki. Ka ba ni mako shida, mu gwada wasu abubuwa, sannan mu zauna mu sake duba maganar da gaske." Aikin makon farko shi ne ya koma layi na uku a darasin da yake ba shi wuya, ya tambayi na kusa da shi sunansa. Ranar Laraba ya ce ya koma layin amma ya kasa magana. Sai ka rage aikin: ya tambayi na kusa da shi shafin da malami ya ce a karanta, ba sai ya gabatar da kansa ba. Ranar Asabar ya ce ya tambaya, har yaron ya ba shi aron littafinsa.

A mako na biyu aikin shi ne ya ci abincin dare a wajen ɗaki sau uku. A mako na uku ka ba shi zaɓi tsakanin ya nemi yaron nan su yi bitar darasin tare, ko ya je filin wasa da yamma, ya zaɓi bitar. A mako na huɗu abin ya koma baya: an yi wani taro a gida, ya ga hotuna, ya kira ka ranar da ba ta kira ba muryarsa tana rawa. Ka ɗauka, ka saurare shi, ba ka ce masa ai da ya warke ba, domin kewa tana zuwa tana komawa ne, ba ta sauka a miƙe. A mako na biyar ya fara ambaton sunaye uku ba tare da ka tambaya ba, ya kuma ce ɗaya daga cikin abokan ɗakin ashe ba shi da laifi. Da mako na shida ya cika, kai ne ka tayar da maganar dawowa kamar yadda ka yi alkawari, ya ce a bari sai ƙarshen zango. Har yanzu yana kewa, amma yana barci, yana cin abinci, kuma yana da inda yake zuwa da yamma.

Ka lura da abin da ba a yi ba a wannan misali. Ba ka yi masa alkawarin cewa idan bai ji daɗi ba za ka shawo kan iyayensa su dawo da shi ba. Irin wannan alkawari yana kama da tausayi, amma yana sa mutum ya zauna da jakarsa a ɗaure, ba ya ɓata ƙarfinsa wajen sabo da wurin da yake shirin bari.

Ziyara da zuwa gida

Idan nisa da hali sun ba ka dama, ziyara ɗaya bayan mako uku ko huɗu tana da amfani, da sharaɗin ka bar shi ya zama mai masauki. Ya zaga da kai, ya nuna maka ɗakin laccarsa da laburare da inda yake cin abinci, ya gabatar da kai ga abokan ɗakinsa. Wanda ya nuna wa baƙo hanya yakan gane a ranar cewa ashe ya san wurin fiye da yadda yake zato. Kada ka ɗauke shi ku keɓe ku biyu yini guda kuna hirar gida. Idan ba za ka iya zuwa ba, ka aika masa wani ƙaramin abu da ya saba amfani da shi a ɗakinsa na gida, ko hoton iyali da zai ajiye kusa da gadonsa.

Shi kuma zuwansa gida kowane ƙarshen mako, idan garin yana kusa, ba na ba da shawararsa a makonnin farko. A ranakun hutun mako ne ɗalibai suke zama su san juna, kuma wanda ba ya nan a ranakun zai dawo ya tarar an ƙulla abota babu shi. Ya fi kyau a sa rana ɗaya tabbatacciya a gaba, wadda zai riƙa ƙirgawa.

Inda lallashi ya ƙare

Kewar gida ta yau da kullum tana da alama: tana tasowa a wasu lokuta, tana lafawa idan mutum ya shagala, kuma tana raguwa a hankali cikin makonni. Idan ka ga akasin haka, to abin ya wuce abin da hirar waya za ta magance. Likitoci suna fara zargin ciwon damuwa idan baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya ɗauki mafi yawan yini, kusan kullum, har mako biyu ko fiye, tare da wasu alamu kamar lalacewar barci, ƙin abinci ko rama, kasala, kasa mayar da hankali, da jin cewa mutum ba shi da amfani. Sauran alamun sun haɗa da daina zuwa lacca, kulle kai a ɗaki kwana da kwanaki, ko fara shan wani abu domin samun barci. A irin wannan hali ka taimaka masa ya je asibitin makaranta ko ofishin ba ɗalibai shawara ko ofishin kula da harkokin ɗalibai. Kada ka tsaya a kan cewa ya je kawai. Ku nemo wurin tare, ku sa rana da lokaci, ka kira shi bayan ya fito.

Idan ya furta kalamai irin su gara ma ba ya raye, ko ya zame wa kowa nauyi, kada ka share maganar. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa ko kashe kansa. Tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Idan ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai: ka ci gaba da riƙe shi a waya, ka sa a nemo wani na kusa da shi ya zauna tare da shi, a kai shi asibiti a ranar, ka kuma sanar da iyayensa. Saboda irin wannan rana ne ya kamata tun a makon farko ka karɓi lambar abokin ɗakinsa ko wani da yake kusa da shi, da saninsa. Saboda ita ne kuma bai kamata ka yi masa alkawarin riƙe sirri marar iyaka ba. Ka ce masa tun farko, "Duk abin da ka gaya mini yana tsakaninmu, sai dai idan na ga lafiyarka ko ranka yana cikin haɗari, kuma ko a lokacin kai zan fara gaya wa kafin kowa."

Idan kuwa abubuwa suna tafiya daidai, za ka ga kiran yana gajarta, yana ce maka zai kira anjima domin yana tare da mutane. Ka rage kiran zuwa sau biyu a mako, sannan sau ɗaya, amma ka faɗa masa dalili don kada ya ɗauka ka gaji da shi. Ka sa ido a lokuta uku da kewar take yawan dawowa: makon jarrabawa, lokacin da ya yi rashin lafiya shi kaɗai a karo na farko, da kwanakin farko bayan ya koma daga hutun ƙarshen zango. A waɗannan lokuta ka mayar da kiran sau uku na mako ɗaya ko biyu, ka tambaye shi mutanen da ka riga ka san sunayensu, sannan ka sake ragewa idan ya daidaita.